Ɗebewa mai riƙo: hanyar Baba ko hanyar mushe?

"Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina Agadas wurin aiki, iyali suna Damagaram. Uwargida ta turo mini hoton kayen ƴata, tana CE2, lissafi huɗu duk ta faɗi: 52 − 27 ta sa 35, 74 − 38 ta sa 46, 403 − 146 ta sa 367, 85 − 7 ta sa 15. Ni a Daura na yi firamare, mu soke lamba muke yi mu ara daga maƙwabciyarta. Ita ba ta sokewa, wani ɗan ƙaramin 1 kawai nake gani gefen lambar sama. In koya mata hanyata ko in bi ta mushensu?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana ita. Bi ta mushe. Hanyarka daidai take, a wani wurin ma ta fi sauƙin ganewa, amma yarinyar ta riga ta ci rabin waccan, saura taki ɗaya ya rage mata. Bari in jera maka su biyun a kan 74 − 38 ka gani da idonka.

A hanyar aro, wadda ka koya, 8 ba ta fita daga 4, sai ka je gidan gomomi ka kwance goma ɗaya. Ka soke 7 ka rubuta 6, ita kuma 4 ta koma 14. Sai 14 a cire 8 saura 6, sannan 6 a cire 3 saura 3. Amsa 36. Lambar ƙasa ba a taɓa ta ko kaɗan, sama kawai ake sake wa shiri.

A hanyar riƙo, wadda ɗan ƙaramin 1 ɗin nan yake nunawa, ba a soke komai. Ana ƙara wa 4 goma ta zama 14, a cire 8 saura 6, daidai da taka. Bambancin yana taki na biyu. Tun da an ba sama goma, sai a ba ƙasa ma goma ɗaya: a sa 1 kusa da 3 ta zama 4. Sai 7 a cire 4 saura 3. Amsa 36.

```
aro:    14 − 8 = 6      6 − 3 = 3
riƙo:   14 − 8 = 6      7 − 4 = 3
```

Abin da ya sa aro ya fi shiga kan yaro shi ne ana iya nuna shi da hannu. Ka ɗaure tsinken ashana goma-goma da roba, ƙulli bakwai da tsinke huɗu, ka ce ya cire takwas. Da kansa zai kwance ƙulli ɗaya, ya ga ƙullin sun koma shida. Babu abin haddacewa a ciki. Riƙo kuwa dalilinsa ba ya fitowa fili haka, shi ya sa yara da yawa suke yin sa kamar waƙa, kuma abin da aka haddace ba a gane ba, da wuri ake mance rabinsa.

Amma ka duba 403 − 146, a nan riƙo yake fin aro. Da aro, 6 ba ta fita daga 3, ka leƙa gidan gomomi ka tarar da sifili, babu abin ara. Dole ka wuce gidan ɗaruruwa, ka soke 4 ta koma 3, sifili ta zama 10, ka sake soke 10 ta koma 9, kafin 3 ta samu ta zama 13. Sokewa biyu ke nan kafin a fara cire komai, kuma a ƙaramin kaye da bik, wurin yakan dagule har yaro ya kasa karanta rubutunsa. Da riƙo, sifili ba ta da wata matsala ta daban. Ka ce 13 a cire 6 saura 7, ka sa 1 kusa da 4 ta zama 5. Biyar ba ta fita daga sifili, sai ka ce 10 a cire 5 saura 5, ka sa 1 kusa da 1 ta zama 2. Sannan 4 a cire 2 saura 2. Amsa 257. Taki iri ɗaya ne a kowane gida, ko lambar ta kai gida shida.

Babban dalilin da ya sa na ce kar ka kawo taka shi ne gauraya. Yaron da ya ji aro a gida ya ji riƙo a lakwal yakan yi duka biyun a lissafi ɗaya. Ya rage 7 ta koma 6 kamar yadda Baba ya ce, ya kuma ƙara wa 3 ta zama 4 kamar yadda mushe ya ce, sai ya fito da 26. Kuskuren da take yi yanzu mai sauƙin gyara ne. Wancan ya fi wuyar cirewa, don yaron yana ganin ya yi biyayya ga kowa. Kuma kai kana nesa, saƙon murya ne tsakaninku, shi mushe yana tare da ita a gaban allo kusan kullum.

Yanzu hoton. Kar ka ɗauka kuskure huɗu ne, biyu ne kawai.

Na farkon, 52 − 27 = 35, shi kaɗai ba ya faɗa maka komai, don hanya biyu ce take kai yaro ga 35. Wani yaron, in ya ga 7 ba ta fita daga 2, sai ya juya su ya ce 7 a cire 2 saura 5. Wani kuma ya yi 12 a cire 7, shi ma 5 zai samu, sai dai ya mance ya sa 1 a ƙasa. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Lissafi na biyu ne ya raba gardama. Da juyawa take yi, 74 − 38 zai ba ta 44. Ita 46 ta rubuta, wato ta yi 14 a cire 8 daidai. Na uku ya ƙara tabbatarwa: mai juyawa 343 zai rubuta, ita ta rubuta 367, wato 13 a cire 6, sai 10 a cire 4, sai 4 a cire 1. Ta ba sama goma sau biyu, ba ta ba ƙasa ko sau ɗaya ba. Wannan labari ne mai daɗi Alhaji. Yarinyar ta san ƙaramar lamba ba a cire mata babba, kuma ba ta yi kuskuren ƙidaya ko guda ba. Ka fara gaya mata wannan kafin komai.

Ga yadda zan faɗa mata da ni ne, a saƙon murya gajere, mahaifiyarta na zaune kusa da ita da kayen a buɗe: "Duba 74 − 38. Ɗan 1 da kika sa kusa da 4 daidai ne, 6 ɗin da kika samu ma daidai ne. Amma kin ba sama goma, me kika ba ƙasa? Duk 1 da kika sa a sama yana da ɗan'uwa a ƙasa, a gida na gaba. Sa shi kusa da 3. Uku da ɗaya nawa? To cire shi daga 7 ki gaya mini." Ka tsaya nan, kar ka faɗi 36. In ta tambayi dalili, ko ma ba ta tambaya ba, ka yi mata misali da shekaru. In ta girmi ƙaninta da shekara uku yau, bayan shekara goma ma da uku za ta girme shi, don goma ta hau kan kowa. Da ita kaɗai goman ta hau, da tazarar ta canza. Haka 74 da 38 suke: in aka ƙara wa ɗaya goma, sai an ƙara wa ɗayan kafin tazararsu ta zauna yadda take. In ta gyara wannan, ka bar ta ta nemo abin da ya ɓace a 52 − 27 da kanta, sannan a ƙarshe 403 − 146, ka gaya mata kawai cewa a can ƴan'uwa biyu ne suka ɓace.

Na huɗun, 85 − 7 = 15, wani abu ne daban. Ta rubuta 7 ƙarƙashin 8 maimakon ƙarƙashin 5, ta sauko da 5, ta cire 7 daga 8, wato 70 ta cire ba ta sani ba. Kafin ka yanke, ka sa a sake ɗaukar hoton daga sama tsaye, da hasken rana, don hoton da aka ɗauka a karkace yana gusar da lambobi daga layinsu. In haka ne, tambaya ɗaya ta isa: "Kina da dabino 85, kika ba da 7, a ce saura 15 kawai?" Za ta ji abin bai zauna ba. Sai ta ja layi tsaye tsakanin gidaje, ta rubuta d a saman gidan gomomi da u a saman gidan ɗai-ɗai kamar yadda suke yi a aji, kowace lamba a cikin akwatinta na kaye, ta fara jerawa daga dama. Amsar 78 ce, kuma a ciki ma akwai riƙo, sai dai wannan karon 1 ɗin zai sauka a wurin da babu komai ƙarƙashin 8. Ka lura ko za ta sa shi.

Wani abu da nake roƙon iyaye a nan garin: kar a yi wa yaro misalin gomomi da kuɗi. A kasuwar Dole da dala muke ƙidaya, dala kuwa tamma biyar ce, abin da aka rubuta 50 a jikinsa dala goma muke ce masa. Yaron da ake so ya gane cewa goma ɗaya tsinke goma ne, in aka kawo masa ƙidayar biyar-biyar a tsakiya, an ƙara masa kaya. Ashana, marfin kwalba ko ƙwallon dabino sun fi.

Ka kuma koya mata gwada amsa, wannan kam duk hanyoyin biyu sun yarda da shi. Ta tara amsarta da lambar ƙasa, in ta sama ta fito, ta ci. 46 da 38 sun ba da 84, sun zarce 74 da goma cif, wannan goman ita ce riƙon da ta mance. 36 da 38 kuwa 74 ne. In ta saba da wannan, za ta riƙa kama kuskurenta tun kafin hoton ya iso Agadas.

Bayan kwana biyu ka turo mata sabon lissafi ba tare da tuni ba, 61 − 24, kuma a ɗauko maka hoton aikin duka, har da ƙananan lambobin gefe. In ta sa 37, ta gane, sai ka ba ta 500 − 263, amsarsa 237. In ta sa 47, riƙon ne bai zauna ba tukuna, a maimaita saƙon nan da wasu lambobi. In ta sa 43, juyawa take yi, sai a koma ga tsinke ta ga cewa ba a cire huɗu daga ɗaya. In kuma 27 ta fito, wani a gida ya nuna mata aro ta gauraya su, sai uwargida ta ɗauki kayen ta je wurin mushe ya nuna mata yadda yake rubutawa a allo, kowa a gida ya bi wannan.