Yadda na duba babur na hannu a Birtaniya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin da ka nema kan sayen babur na hannu a nan Birtaniya.

A gida mun saba mu fara da sauraron inji, takarda kuma ta biyo baya, amma a nan takarda ce gaba. Kowane babur yana da takardar rajista da ake kira V5C, wadda DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, ke bayarwa, kuma an rubuta a jikinta cewa ba shaidar mallaka ba ce, sunan mai riƙe da babur kawai take nunawa. Saboda haka mutum zai iya nuna maka ita alhali kamfanin da ya ba shi bashi ne mai babur ɗin, shi ya sa ake biyan kuɗi kaɗan a bincika ko akwai bashi ko rahoton sata a kansa. Babur da ya cika shekara 3 dole a yi masa gwajin lafiyar abin hawa da ake kira MOT duk shekara, kuma da lambar babur kaɗai za ka ga sakamakon baya kyauta, har da nisan da ya yi.

Wanda na je dubawa mai inji 125 ne. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke wuyansa ta yi daidai da ta takarda. Na roƙi mai shi tun da farko kada ya tayar da shi kafin in iso, domin inji mai ɗumi yana ɓoye aibinsa, kuma da na isa sai da na ɗora hannu na ji shi da sanyi. Ya tashi da ƙara siririya irin ta bawul, wadda saiti ke gyarawa. Abin gudu shi ne bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ko shuɗin hayaƙi daga salansa, alamar yana ƙona baƙin mai.

Zare ne ya raba mu. Don in ga ko shasi ya karkace, na miƙar da babur, na ja zare biyu suna taɓa gefen tayar baya hagu da dama har suka wuce ta gaba. Tun da tayar baya ta fi faɗi, ya kamata ratar da ke tsakanin zare da tayar gaba ta zama ɗaya a kowane gefe, amma na sami milimita 5 a hagu, 20 a dama. Ban yi saurin yanke hukunci ba, domin karkatar tayar baya wajen ɗaure sarƙa tana kawo haka. Muka daidaita ta, ratar ba ta gyaru ba. Da na haska wuyan da tocila, sai ga fenti ya tsage kusa da walda, ƙarfen da ke tsayar da kan babur in an juya shi kuma ya lotsa a gefe guda. Mai shi ya ce faɗuwa ce a tsaye, ni kuwa na yi masa godiya na kama hanya.