Wace manhaja za ka zaɓa don mayar da hoto katun?

Duk manhajar da ke mayar da hoto katun ba tare da ta sake zana fuskar ba, ayyuka biyu take yi a ɓoye. Na farko rage matakan launi, wanda za ka gani a allo da sunan Posterize. Na biyu laluben gefuna, wato inda haske ya yi tsalle daga wannan ɗigo zuwa na kusa da shi, a ja baƙin layi a wurin. A ɗora layin a kan launin, shi ke nan katun ya fito. Abin da kake saye shi ne ikon juya ayyukan nan biyu kowanne daban, kuma da wannan ma'auni ya kamata ka auna kowace manhaja.

Mu fara da launi, don a nan ake yi wa masu duhun fata ɓarna. Hoto na yau da kullum yana da ja, kore da shuɗi, kowanne da matakai 256, daga 0 zuwa 255. In ka sa Posterize a 4, kowanne zai koma matakai huɗu kacal: 0, 85, 170 da 255. Launuka 64 ke nan gaba ɗaya. Ɗauki kumatun mutum mai launin cakulan, ja 110, kore 70, shuɗi 50. Dukkansu sun fi kusa da 85, don haka wurin zai koma toka-toka. Gangara ƙarƙashin haɓa inda inuwa ta ɗan fi, ja 100, kore 60, shuɗi 40. Shuɗin ya faɗa 0, sauran biyu suna 85, sai ka ga wani kore-kore kamar ganyen da ya fara bushewa. Fuska ɗaya, rabi toka rabi kore. In ka ɗaga zuwa 8, duka wuraren biyu za su sauka a 109, 73, 36, launin fata sosai kuma shimfiɗaɗɗe. Manhajar da ba ta bar ka ka taɓa wannan lamba ba, ta riga ta faɗi jarrabawa.

Shi ya sa GIMP, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, ce zaɓina. Kyauta ce, tana aiki ba intanet, kuma kowane mataki yana hannunka. Ga yadda aikin ke tafiya a kan hoton mutum mai faɗin ɗigo 3000.

Kafin komai a goge ƙwayoyin hoton da Filters > Blur > Median Blur, Radius kamar 6 zuwa 10. Wannan yana share ƙananan tabo da yashin da kyamara ke sa wa hoton dare, amma yana barin gefen hanci da leɓe. Gaussian Blur ba ya wannan aikin, shi narkar da komai yake yi. In ka tsallake gugar nan, iyakar launi da launi za ta fito da ɗige-ɗige kamar an watsa gero.

Sai launi. Colors > Posterize a 6 zuwa 8 yana isa ga hoto mai haske. Amma ga fuska akwai hanyar da ta fi: a kwafin hoton ka je Image > Mode > Indexed, ka zaɓi Generate optimum palette, ka sa launuka 12 zuwa 16, ka bar Color dithering a None. A nan manhajar tana tsinto launukan ne daga cikin hoton kansa, saboda haka fata za ta samu ruwan ƙasa uku ko huɗu na gaskiya. Ka mayar da shi RGB in ka gama. In bangon hoton ya cika launuka, zai cinye rabon fuska, don haka a fara yanke shi ko a shafe shi da launi ɗaya.

Layi kuma a wani kwafin gogaggen hoton ake fitar da shi, kafin a rage masa launi. In ka yi bayan ragewa, kowace iyakar launi a goshi za ta samu baƙin layi, mutum ya koma taswira. Cire launin da Colors > Desaturate, sannan Filters > Edge-Detect > Edge, ka zaɓi Sobel. Za ka ga fararen layuka a kan baƙi, sai ka juya da Colors > Invert. Colors > Threshold ne ke yanke hukunci: ja shi a hankali har ido, hanci, baki da gefen fuska su tsaya, ƙurajen fuska su ɓace. In layin ya yi siriri, Filters > Generic > Erode sau ɗaya yana kauranta baƙi. Ɗora shi a saman launin, ka sa Mode a Multiply, farin zai ɓace baƙin ya zauna. Atamfa, leshi da aikin hula kan cika da layuka fiye da kima, magogi kawai za ka ɗauka ka share su a shimfiɗar layin, wato layer ɗinsa, launin ba zai taɓu ba.

Photoshop na yin duk wannan, kuma Poster Edges ɗinta tana haɗa ayyukan biyu a taga ɗaya, amma duk sabuwar da ta fito tun 2013 haya ake biya, ba a saye a mallaka. Don katun kaɗai kuɗin bai kai ba. OpenCV, tarin kayan sarrafa hoto, ta mai rubuta manhaja ce da ke da hotuna ɗaruruwa.

Manhajojin waya na danna-sau-ɗaya su ne inda kuɗi ke tafiya. Da yawa suna buɗewa da gwajin kwana uku kyauta, bayan an karɓi bayanan katinka, daga nan sai cira kowane mako. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar. Sai ka shiga Subscriptions a Play Store ko a saitin iPhone ka soke da hannunka. Wasu kuma suna nuna maka hoto mai kyau, a wajen ajiyewa su manna tambarinsu ko su ƙanƙantar da shi. Duba girman abin da aka ajiye maka. Ɗigo 1080 a bugu mai kyau na 300 a kowane inci wajen santimita 9 ne kawai, alhali takardar A4 tana son 2480 da 3508. Kashe data ka gwada: in ta ƙi aiki, akwai yiwuwar hoton iyalinka wani wuri ake tura shi. Haka Photoshop ɗin da ake zubawa a shago da arha, fasasshiya ce, kuma irinsu kan zo da ƙwayar cuta. GIMP ma daga gimp.org ake ɗauka, wanda ya ce ka biya lasisinta ya cuce ka.

Akwai kuma masu karɓar kuɗin zanen hannu su miƙo aikin tacewa. Zuƙo hoton ka duba. Layin na'ura yana yankewa inda fuska da bango suka yi kama a haske, yana bin abin da mai zane ba zai kula ba, kamar wayar lantarki a bango ko inuwar maɓalli, kuma siririn abu irin sandar tabarau yakan samu layi biyu, ɗaya a kowane gefe. In ka ga ƙananan murabba'ai a wurin da ya kamata ya zama sumul, daga matsattsen hoto aka yi aikin, don JPEG yana yanka hoto gida-gida na ɗigo 8 da 8, laluben gefe kuma yana kama iyakokinsu. Saboda haka in za ka aika wa mai aiki hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, kuma ka nemi ya ba ka fayil mai shimfiɗar layi daban da ta launi kafin ka cika masa kuɗi.