Mayar da Bidiyon Kwance Zuwa Tsaye: Wace Manhaja Ta Cancanci Kuɗinka?

Kafin ka biya kuɗin kowace manhaja, fara duba girman bidiyon da ke hannunka. Bidiyon kwance na yau da kullum faɗinsa fiksel 1920 ne, tsayinsa 1080. Idan aka yanko shi ya koma tsaye a ma'aunin 9:16, faɗin da ke saura bai wuce fiksel 608 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na hoton. Wannan 'yar tagar ce za a buɗa har ta cika 1080 da 1920, kusan ninki biyu, shi ya sa fuska ke yin dishi-dishi. In kuwa da 4K aka ɗauka, yankan zai ba ka faɗin 1215 da tsayin 2160, ya ishe ka har da rara. Babu manhajar da za ta canza wannan lissafi. Aikinsu duka ɗaya ne: zaɓar inda tagar za ta tsaya a kowane lokaci.

Idan mutum ɗaya ne zaune yana bayani, ba ya motsawa daga wurinsa, kada ka kashe ko sisi. DaVinci Resolve na kyauta zai yi maka: ka saita aikin a tsaye, ka buɗa hoton ya cika, ka ja shi gefe har fuskar ta zo tsakiya. Mai amfani da ffmpeg kuma, manhajar da ake rubuta wa umarni, layi ɗaya ya wadatar:

```
ffmpeg -i in.mp4 -vf "crop=608:1080:900:0,scale=1080:1920" -c:a copy out.mp4
```

Lambar 900 ita ce nisan tagar daga gefen hagu, ita kaɗai za ka riƙa sauyawa.

Sai abin da ake kallo ya fara yawo ne manhajar kuɗi ke nuna amfaninta. Premiere Pro yana da Auto Reframe, wanda ke bin motsi yana jan tagar, kuma ka zaɓi Slower Motion don hira ko Faster Motion don wasanni. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne hanyar da ya bi tana nan a buɗe, inda ya kauce sai ka gyara da hannu. Sai dai kuɗinsa ba ya ƙarewa, biya ake yi a kai a kai. Smart Reframe na Resolve yana cikin Studio ne kaɗai, wanda ake saya sau ɗaya, kuma yana ba ka Reference Point ka zagaye wanda kake so a bi. Wannan yana da rana sosai idan akwai jama'a a bayan mai magana. Smart Conform na Final Cut Pro, ga masu Mac, ya fi dacewa da bidiyo mai gajerun yanka da yawa, domin kowane yanki yake dubawa ya daidaita masa wuri.

To amma ga inda dukansu ke gazawa. Ɗauki hirar mutum biyu, ɗaya a hagu wajen fiksel 480, ɗaya a dama wajen 1440. Tsakaninsu 960 ne, taga kuwa 608. Ba za su taɓa shiga tare ba. Manhajar ko dai ta riƙa kai-komo tsakaninsu har kan mai kallo ya juya, ko ta maƙale wa wanda ya fi motsa hannu alhali ɗayan ne ke magana. In ka yanka tsakiya kuma, tebur kawai za ka samu da kafaɗu biyu. Maganin a hannunka yake: ka raba hoton gida biyu, ka yanko faɗin 960 da tsayin 853 daga kowane ɓangare, ka ɗora ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kowanne zai cika 1080 da 960 da ɗan buɗawa kaɗan, don haka hoton ma ya fi fitowa tas. Kowace manhajar tace bidiyo da ke barin a ɗora bidiyo biyu a lokaci guda za ta iya wannan, har ta kyauta.

Akwai kuma dabarar barin bidiyon cikakke a tsakiya da dusasshen hoto sama da ƙasa. Ba ta yanke komai, amma ainihin hoton yana komawa kusan sulusin allo. Ni ina ajiye ta ne don allon rubutu ko taswira, inda yanke gefe ke cinye ma'ana.

Don haka in za ka gwada manhaja a lokacin gwajin da wasu ke bayarwa, kada ka ba ta yanki mai sauƙi. Nemo wurin da wani ya gifta gaban mai magana, ko inda ya juya baya, ko ya ɗaga wani abu yana nunawa. Kalli sakamakon a waya, ka lura ko tagar na rawa lokacin da mutum ke tsaye cik, ko tana makara har kunnensa ya fita, ko ta bi fuska ta bar abin da ke hannu. Ka tuna kuma maɓallan dandalin da za ka ɗora bidiyon suna rufe gefen dama da ƙasan allo. Idan gyaran da ka yi bayanta ya kai wanda za ka yi tun farko da hannu, ka riƙe kuɗinka.