Taifod ya zo da ƙurji a saifa: wace mujalla za ka kai rahoton?

Kafin ka duba kuɗin mujalla, duba hujjar da ke hannunka, domin ita ce za ta zaɓa maka inda za ka kai rahoton. A ɗauka matashi ne ɗan shekara 19, mako uku yana zazzaɓi, ga ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Hoton ciki ya nuna ƙurji a saifa, aka zuƙo mugunya da allura, ɗakin gwaji ya tsiro da Salmonella Typhi, ƙwayar da ke kawo taifod. Wannan rahoto ne da zai tsaya da ƙafarsa. Da hujewar ƙaramin hanji ce a mako na uku, sai dai in da wani sabon abu tare da ita, domin litattafan likitanci sun daɗe da sanin ta.

Idan kuwa gwajin Widal kawai gare ka, a dakata tukuna. Yakan nuna akwai cuta ga wanda ya taɓa yin taifod, ko ya yi rigakafi, ko mai zazzaɓin cizon sauro, kuma masu tantancewa sun san haka. Shukar jini ma takan rasa ƙwayar a wajen rabin marasa lafiya, musamman wanda ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa mugunya ko ɓargo suka fi ƙarfin shaida. Sakamakon da ya tsaya a "Salmonella" ba tare da tantance jinsi ba, bai isa a kira shi taifod ba.

Mai cikakkiyar hujja yana da hanyoyi uku. BMJ Case Reports ba ta cajin kowane rahoto, amma dole marubuci ko cibiyarsa su kasance da rajistar shekara da ake kira Fellowship. In asibitinku na da ita, wannan ce mafi sauƙi ga aljihu. Tana da nata tsarin rubutu, tana son darussa kaɗan a ƙarshe, kuma fom ɗinta na izinin maras lafiya take nema. A nan mutane ke tuntuɓe: a sallami yaro, lambar waya ta daina shiga, rahoto ya mutu. A karɓi sa hannu tun yana kwance.

Hanya ta biyu ita ce Journal of Medical Case Reports da IDCases: kowa na karanta su kyauta, marubuci ne ke biya bayan an karɓa. Ta farkon tana ɗaukar kowane fanni, ta biyun ta cututtuka masu yaɗuwa ce zalla, kuma ga irin wannan lamari ita na fi karkata gare ta, don masu karatunta su ne za su haɗu da shi gobe. Akwai rangwame ga marubutan wasu ƙasashe, amma a nema lokacin miƙawa, ba bayan an karɓa ba.

Hanya ta uku ta wanda ƙarfinsa hoto ne. American Journal of Tropical Medicine and Hygiene na da sashen Images in Clinical Tropical Medicine: hoto mai kyau, gajeren bayani. Ya fi dacewa idan maras lafiyan bai dawo bibiya ba. Mujallar da ta aiko saƙo da alkawarin bugawa cikin mako guda kuwa, a nemo sunanta a PubMed ko DOAJ, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, kafin a amsa.

Ko wace ka zaɓa, ƙa'idar rubuta rahoton maras lafiya, wato CARE ta 2013 mai sassa 13, ita ce ma'auni, kuma jadawalin kwanaki ne zuciyarta. Rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, magungunan da ya sha kafin ya zo, ranar ɗaukar jini, girman ƙurjin da santimita, yawan mugunyar da aka zuƙo, ranar da jiki ya yi sanyi, da hoton bibiya. Ƙidaya da "rana ta 21 da fara ciwo", ba da kwanan wata ba, don kada a gane mutumin, sannan a goge suna da lambar asibiti daga gefen hoton.

Mai tantancewa zai tambaya me ya sa saifa. Nuna ka duba sikila, cutar ƙanjamau, ciwon suga, tarin fuka da ciwon bawul ɗin zuciya. Zai kuma nemi gwajin jin magani dalla-dalla. Tun 2016 aka gano nau'in taifod a lardin Sindh na Pakistan wanda ba ya jin sifrofuloksasin da seftiriyakson, sai azitromaisin ko merofenem, don haka tarihin tafiya ya shiga rahoton, tare da sunan magani, yawansa, hanyar ba da shi da tsawon kwanaki.

Kalmar "karo na farko a duniya" kuma a bar ta. An riga an buga ƙurjin saifa na taifod, kuma edita zai gano cikin minti biyu. Faɗi abin da naka ya ƙara, misali cewa zuƙewa da allura da magani sun wadatar ba a cire saifar ba, ka kwatanta shi da rahotannin baya a ƙaramin jadawali.