Kiran mota a Guangzhou: wace manhaja za ka zaɓa, kuma yaya za ka karanta kuɗin da ke fuskar wayarka

Ɗan kasuwar da ya sauka a filin jirgin Baiyun zai nufi masauki a unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, ko wanda ya fito daga baje kolin Canton a Pazhou da yamma, ba zai sami Uber ba. Kamfanin DiDi ya saye harkar Uber ta ƙasar Sin tun 2016, kuma shi ne babba a wannan fage. Ƙofofin kiran mota ba ɗaya ba ne, kuma wadda ka bi ita ce za ta nuna ko za ka fahimci abin da ake cajin ka ko kuwa dannawa kawai za ka riƙa yi da fatan alheri.

Ƙofa ta farko ita ce manhajar DiDi kanta, wadda take da fuskar Turanci tun 2017. Ga wanda ke jin Turanci ko da kaɗan ne, wannan ce ta fi sauƙi, domin saƙon da kake yi da direba ma tana fassara muku. Ta biyu ita ce DiDi ɗin da ke cikin Alipay ko WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a Sin. Ba sai ka sauke wata manhaja ba, kuma biyan kuɗi a haɗe yake, tunda duka biyun suna karɓar katin banki na ƙasashen waje. Amma katinka na gida sai ka gwada shi tun kana Kano ko Yamai, don ba kowane banki ke barin kuɗi ya fita ba. Ta uku ita ce manhajar taswira ta Amap, wadda ke kira maka motoci daga kamfanoni da yawa a lokaci guda. Sau da yawa ta fi araha kuma ta fi saurin samo mota, sai dai kowane kamfani da dokarsa ta jira da ta sokewa, kuma ba za ka san a hannun wa ka faɗa ba sai direba ya karɓa. Ni dai ba na ba baƙo shawarar ya fara da ita. Ka bari sai idonka ya saba.

Ko wace ka zaɓa, kada ka ɗauka ka rabu da Sinanci. Sanarwar ragi, sunan wurin ɗauka da wasu ƙananan bayanai sukan fito da harshen gida ko da ka saita Turanci. Fassarar hoto tana taimakawa: ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka ba manhajar fassara. Sai dai kayan Google ba sa aiki a kan layin waya na Sin, saboda haka ko ka sauke Sinanci a manhajar fassarar Google tun kafin ka taso, ko ka yi amfani da fassarar da ke cikin WeChat. Kuma fassara tana cin lokaci, alhali wasu daga cikin lambobin da ke gabanka agogo ne mai tafiya. Shi ya sa ya fi kyau ka haddace siffar 'yan alamomi kaɗan, ko da ba ka iya furta su ba.

Lambobin dai irin namu ne. Abin da ke bayan lamba shi ne ke faɗa maka ko ta mece ce: 元 kuɗi ne, wato yuwan, 分钟 minti ne, 公里 kuwa kilomita. Bayan ka sa inda za ka, za ka ga jerin motoci, kowace da kuɗinta a gefe. 快车 ita ce motar yau da kullum. 特惠快车 ita ce mai rangwame. 专车 ta fi kyau kuma ta fi tsada. 拼车 ta haɗaka ce, za a ɗauki wasu a hanya, don haka ba ta mai kwalaye da jakunkuna ba ce. 出租车 tasi ce ta gari, wadda mita ke yanke kuɗinta.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan jeri shi ne ɗan ƙaramin rubutun da ke manne da kuɗin. Ga kamannin abin da za ka iya gani, lambobin na misali ne:

```
一口价 47元
预估 42元
```

预估 na nufin kiyasi. Manhajar ta auna nisan hanya, ta yi hasashen mintocin da za a ɗauka, ta fitar da lamba, amma lissafin gaskiya sai an sauke ka. 一口价 kuwa farashi ne yankakke, kamar yadda za ka yi ciniki da mai adaidaita sahu kafin ka shiga: ko cunkoso ya tsayar da ku, abin da aka faɗa shi ne.

A wannan misali ido zai tafi kan 42, tunda ya fi 47 ƙanƙanta. To mu ce daga Pazhou kake zuwa Xiaobei da ƙarfe shida na yamma, lokacin da dubban mutane ke fitowa daga baje koli a tare. Idan ka taɓa kuɗin ko ƙaramar alamar da ke gefensa, za a buɗe maka yadda aka gina shi: 起步价 kuɗin tashi, 里程费 kuɗin nisa, 时长费 kuɗin lokacin da ka yi a cikin mota. Wannan na ukun ne ke kumbura. A ce minti ɗaya rabin yuwan ne, kuma manhajar ta yi hasashen minti 30. Idan ruwa ya sauko tafiyar ta kai minti 55, an sami ƙarin minti 25, wato yuwan 12 da rabi. Kuɗin ya tashi daga 42 ya koma 54 da rabi, ya zarce yankakken 47. Da ƙarfe goma na dare kuwa, hanya fayau, kiyasin 42 zai tsaya kusa da inda yake, kuma shi ne mai riba. Saboda haka ba lambar da ta fi ƙanƙanta ake zaɓa ba, ana duba sa'a da halin titi ne.

Yankakken farashi ma yana da iyaka. Kuɗin babbar hanya, 高速费, da kuɗin ajiye mota, 停车费, ana ɗora su daga baya, kuma wanda ya taso daga filin jirgi ta babbar hanya zai gamu da na farkon. Idan kuma ka canza inda za ka a tsakiyar tafiya, za a sake lissafi. Wani abin lura: direbobi da yawa ba sa ɗokin mota mai rangwame a lokacin cunkoso, don ribarsu kaɗan ce, sai ka ga ka daɗe ba wanda ya karɓa. Idan jirgi kake bi, arahar yuwan biyar ba ta kai wannan ba.

Sanarwar tashin farashi takan zo da launi mai jan ido. Ka nemi 加价, ƙarin kuɗi, ko 倍, ninki. Idan ka ga 1.3倍 a kan tafiyar yuwan 40, ta koma 52. Yawanci lambar da ke gefen motar ta riga ta haɗa da ƙarin, amma ka buɗe bayanin ka tabbatar kafin ka danna. Akwai wata alama da ke ruɗa baƙi, wato 折. Ita ragi ce, amma a juye ake karanta ta: 8折 na nufin za ka biya kashi 80 cikin ɗari, ba wai an rage maka 80 ba. Wato 7折 ya fi 9折 araha.

Idan farashi ya tashi, zaɓinka uku ne: ka biya, ka jira ya sauko, ko ka taka 'yan mintoci ka bar bakin ƙofar da kowa ke kira daga wurin. A Pazhou akwai na huɗu da ya fi su duka idan ba ka da kaya, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layi na 8 yana bi ta wurin, Xiaobei kuma tana kan layi na 5, canji ne kawai a tsakani.

Batun jira shi ne inda ake yawan cakuɗa abubuwa, domin mintoci iri uku ne ke fitowa, kuma ɗaya ne kawai ke cin kuɗinka. Na farko yana zuwa da 排队, layi: mutane sun fi motoci yawa, za a nuna maka lambarka a layi da hasashen jira. Ba direban da ya karɓa tukuna, don haka fita daga nan kyauta ne. Na biyu shi ne mintocin da direba zai ɗauka ya iso bayan ya karɓa, tare da nisansa a taswira. Na uku yana farawa ne idan ka ga 司机已到达, direba ya iso. Daga nan ana ba ka 'yan mintoci na kyauta, waɗanda za ka gane da 免费, bayan su kuma ko a fara lissafa maka kuɗin jira, 等待费, ko direba ya soke ya tafi laifin na kanka. Yawan mintocin ya danganta da irin motar, kuma a rubuce yake a fuskar wayar, sai ka karanta lambar da ke kusa da 分钟.

Matsalar baƙo a nan ba jinkiri ba ce, rashin ganin juna ne. Kasuwannin Guangzhou da filin jirgin suna da ƙofofi da yawa, kuma agogon yana tafiya ne daga inda alamar taswira take, ba inda kake tsaye ba. Kada ka kira mota kana hawa na huɗu kana ƙirga kaya. Ka sauko, ka duba cewa alamar tana gefen titin da kake, sannan ka kira. Da lambar mota za ka gane ta, ba da launi ba: na Guangzhou da 粤A suke farawa, sai ka duba haruffan ƙarshe. Da ka shiga direba zai tambaye ka lambobi huɗu na ƙarshen layin wayarka, ka nuna masa a rubuce ya isa.

Maɓallin sokewa shi ne 取消订单. Danna shi ba ya soke tafiya nan take, yakan fara nuna maka shafin da ke faɗin abin da zai biyo baya, kuma wannan shafin ne ya cancanci ka tsaya ka fassara. Idan ka ga 免费取消, sokewa kyauta ce. Idan ka ga 取消费 da lamba da 元, wannan za ka biya. Ana ba da ɗan lokaci kaɗan bayan direba ya karɓa wanda za ka iya fasawa ba caji. Bayan shi sai a duba wa ke da laifi: 有责 laifinka ne, 无责 ba naka ba. Idan direban ne ya makara ya wuce lokacin da aka nuna, ko motarsa ta tsaya cik a taswira, ka zaɓi wannan dalilin a jerin da za a ba ka, kada ka danna na farko don gaggawa.

Wani lokaci direba zai kira ko ya turo saƙo yana so kai ka soke, wataƙila ya ga tafiyar ba ta yi masa ba. Idan ka yi masa, laifin na iya dawowa kanka. Ka bar shi ya soke da kansa. Idan kuma an caje ka ba bisa ƙa'ida ba, ka buɗe 费用明细, cikakken bayanin kuɗi, ka ɗauki hotonsa, ka kai ƙorafi ta 客服, masu kula da abokan ciniki. Kada ka ƙi biya ka share zancen, domin muddin akwai kuɗin da ke rataye da alamar 待支付, manhajar ba za ta bari ka kira wata motar ba sai ka biya ko an warware ƙorafin.