Farin rubutu ƙanana ko rawaya manya: wanne ake iya karantawa a waya?

Tambaya: "Ina yin bidiyon girki a kwance, ina sa rubutu a ƙasa saboda masu kallo ba sauti. Na gwada kala biyu. Na farko fari ne siriri irin na fim, layi ɗaya yana cin harafi wajen 60. Na biyu rawaya ne mai kauri, dukansa da manyan baƙaƙe, layukan a matse. Wasu sun ce na farko ba ya ganuwa, wasu sun ce na biyu ya rufe tukunya. Wanne zan riƙe?"

'Yar'uwa, duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa miki, kuma za ki ga dalili idan kika daina auna rubutun a inda kike haɗa bidiyo, kika auna shi a hannun mai kallo.

Mu fara da girma, domin nan ne mafi yawan matsalar take. Wayar da ake cewa inci 6.5, irin wadda ta cika hannun mutane, faɗin fuskarta bai wuce santimita 6.8 ba. Yawancin masu kallo ba sa juya waya. Suna riƙe da ita a tsaye, bidiyonki na kwance ya zauna a tsakiya, tsayinsa duka wajen santimita 3.8. A wannan ɗan fili ne za a ga hannunki da tukunya da rubutu.

Idan bidiyonki fiksel 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, rubutun da layinsa ke ɗaukar harafi 60 girmansa kusan fiksel 48 ne. A wayar da ke tsaye wannan ya koma milimita 1.7, daga kan doguwar "l" zuwa wutsiyar "g". Ƙananan haruffa irin "a" da "n" da "o" kusan rabin haka suke, wato ba su kai milimita ɗaya ba. Matashi mai lafiyar ido zai karanta da ƙyar idan yana cikin ɗaki. Uwa mai shekara hamsin da ke tsaye a madafa, wayar na jingine da kwano, ba za ta bambance cokali 2 da cokali 3 ba. An tsara irin wannan rubutu ne don talabijin da majigi, inda allo ke da faɗi.

Na biyun kuwa, idan kalma uku ko huɗu ce ke cika layi, ya kai fiksel 120, wato milimita 4 da ɗoriya a waya. Yana karantuwa daga nesa, wannan babu musu. Amma jimla ɗaya ta girki sai ta ci layi uku ko huɗu, layi uku kuwa kashi ɗaya ne cikin uku na tsayin hoton. Idan kika ce za ki guje wa haka ta hanyar sauya rubutu da sauri, kalma uku bayan kalma uku, idon mai kallo zai maƙale a kan rubutun, ba zai sami sararin duba yadda miya ta yi kauri ba. A bidiyon girki wannan hasara ce babba, tunda hoton shi ne darasin.

Abin da nake ba da shawara yana tsakani, amma ya fi kusa da na farko a lissafi: fiksel 70 zuwa 80. A 72, layi yana ɗaukar harafi wajen 40, tare da giɓin da ke tsakanin kalmomi, idan aka bar fili a dama da hagu. Wannan ya zo daidai da abin da manyan gidajen aikin suka tsaya a kai: ƙa'idar Netflix ita ce kada layi ya wuce harafi 42, kada rubutu ya wuce layi biyu. Ba ki buƙatar sanin fiksel don ki kai wurin, musamman da yake lambar girma a kowace manhaja daban take, 12 a wannan ba 12 ba ce a waccan. Ki rubuta wannan layin, harafi 39 ne:

"Ki zuba albasa da attaruhu a cikin mai,"

Sai ki riƙa ƙara girma har ya kusa cika faɗin bidiyon, ya bar ɗan fili kamar faɗin harafi uku a kowane gefe. Lambar da kika tsaya a kai ki rubuta ta ki ajiye, ita ce taki.

Game da manyan baƙaƙe zalla, ki bar su. Sun fi cin fili, kuma suna mayar da kowace kalma siffa ɗaya, alhali ido ya fi sabawa da ƙananan haruffa, ya fi saurin karanta su. Kaurin na biyun kuwa ki ɗauke shi, amma matsakaici. Siririn harafi ne ke fara narkewa idan aka matse bidiyo don rage nauyinsa, mai kauri sosai kuma ramukan "a" da "e" ke toshewa. Akwai wani abu da ya shafi mu masu rubuta Hausa: lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce ƙwarai, ita ce ke ɓacewa da farko a ƙaramin rubutu, sai "ƙara" ta koma "kara". Wasu salon haruffan ma ba su da su kwata-kwata, sai manhaja ta aro su daga wani salo, ki ga harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Noto Sans da Andika suna da su duka. Kowane salo kika zaɓa, ki fara buga "ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ" ki duba.

Sai launi. Mutane suna gardama a kan fari da rawaya kamar nan ne bambancin yake, alhali abin da ke bayan harafin shi ke yanke hukunci. Akwai ma'aunin da ake kira WCAG, wanda ke auna tazarar haske tsakanin rubutu da bayansa, kuma ya ce rubutu na yau da kullum ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Fari a kan baƙi 21 ne, shi ne ƙarshen ma'aunin. Rawaya tsantsa a kan baƙi ya haura 19, kusan ɗaya suke. Amma rawaya a kan fari bai kai ko 1.1 ba, daidai yake da babu. Yanzu ki tuna abin da ke ƙasan hotonki: farar shinkafa, faranti, garin filawa, ƙwai, man gyaɗa, soyayyen dankali. Farin rubutunki zai nutse a shinkafa, rawayan zai nutse a shinkafa da ƙwai duka. Saboda haka ko wanne kika zaɓa, sai kin ba shi baƙi a bayansa.

Hanya biyu ce: zagaye harafi da baƙin layi, ko sa baƙin akwati a bayan rubutun. Zagayen ya fi kyan gani kuma ba ya rufe hoto, amma yana da rauni guda. Idan bidiyon 1080 ya bi ta WhatsApp ko aka kalle shi da ƙaramin data ya sauka zuwa 480, komai ya ragu fiye da rabi. Zagaye mai kaurin fiksel 2 bai kai fiksel ɗaya ba ke nan, sai ya koma hazo-hazo. Ki ba shi 5 ko 6 idan rubutun 72 ne. Akwatin kuwa ba ruwansa da matsewa, ba ruwansa da abin da ke motsi a baya. Ga girki, inda hannu da ludayi da tururi ke kai-komo a ƙasan hoto, ni akwati na fi so, baƙi mai duhun kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, wanda faɗinsa ya tsaya iya rubutun. Idan duhun ya sauka ƙasa da rabi, farar shinkafa za ta huda shi ta mayar da shi toka-toka, farin harafi ya rasa ƙarfi.

Da zarar akwai baƙi a baya, ki sa fari ya zama rubutun yau da kullum, ki ajiye rawaya don aiki guda: ma'auni. "Gishiri rabin cokali", "minti 15". Mai kallo zai koyi cewa duk inda ya ga rawaya, abin rubutawa ne. Haka BBC ke yi da launi a rubutunta, fari ne tushe, rawaya da sauran launuka na bambance masu magana, ba ado ba ne. Ja da shuɗi mai duhu ki nisance su. Shuɗi tsantsa a kan baƙi bai kai 3 bisa 1 ba, ja kuma gefensa na yin dishi-dishi, domin yawancin bidiyo na adana bayanin launi da rabin tsaftar bayanin haske, a tsaye da a kwance.

Tazarar layi magana ce gajeriya. Daga gindin layi na sama zuwa gindin na ƙasa ya zama ninki 1.2 zuwa 1.25 na girman harafi. A rubutun 72 wannan fiksel 90 ne, layi biyu 180, kashi ɗaya cikin shida na tsayin hoton. Matsewar da kika yi a na biyu tana sa wutsiyar "y" da "g" da "j" ta taɓa kan "ɗ" da "ƙ" na layin ƙasa, idan kuma akwai zagaye sai baƙin sama da na ƙasa su haɗe, daidai inda lanƙwasar take. Idan tazarar ta haura ninki 1.5, layukan sai su zama kamar magana biyu daban, kuma kin ci hoto a banza. Ki lura manhajoji na da tazara iri biyu, ta tsakanin haruffa da ta tsakanin layuka. Ta haruffa ki bar ta yadda take.

Idan za ki yanka bidiyon ya koma na tsaye, 1080 a faɗi, 1920 a tsayi, lissafin ya juya. Yanzu hoton ya cika fuskar waya, fiksel 64 ma ya ba ki milimita 4, amma layi ba zai ɗauki fiye da harafi 24 ko makamancin haka ba. Jimlar da ta zauna a layi biyu a kwance:

"Ki zuba albasa da attaruhu a cikin mai,
ki bari su ɗan soyu kafin ki sa tumatir."

dole ta rabu gida biyu. Na farko "Ki zuba albasa" a sama, "da attaruhu a cikin mai," a ƙasa. Na biyu "ki bari su ɗan soyu" a sama, "kafin ki sa tumatir." a ƙasa. Jimlar duka harafi wajen 80 ce, idan aka ba mai karatu harafi 17 a daƙiƙa tana son kusan daƙiƙa 5, sai ki raba wa gidajen biyu. Kuma ki ɗaga rubutun sama daga ƙasan hoto, ki janye shi daga gefen dama, saboda a TikTok da makamantansa sunanki da bayanin bidiyo da maɓallai ne ke zaune a wuraren.

Kafin ki saki kowane bidiyo, ki tura wa kanki daƙiƙa talatin ta WhatsApp ba tare da zaɓen HD ba, ki zaɓi wurin da ƙasan hoton ya fi haske. Ki buɗe a waya mafi ƙanƙanta da ke gidan, a tsaye, ki fita tsakar gida da rana, ki miƙe hannu. Idan sai kin matso da wayar, girma ne ya gaza. Idan rubutun na ganuwa a wani wuri yana ɓacewa a wani, duhun akwatin za ki ƙara. Idan kuma ƙ ta zama k, ki duba kaurin harafi da tazarar layi.