Gargaɗi ga masu gasa gato da burodi a Damagaram game da mai "gyaran" ma'aunin tanderu

Ina jan hankalin 'yan uwa mata masu gasa gato da burodin gida don sayarwa, musamman na unguwannin Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam, cewa akwai wani mutum da ke bin gidaje yana cewa shi ƙwararre ne wajen daidaita zafin tanderun gas. Yana samun lambobin mata ta ƙungiyoyin WhatsApp na masu sana'a, yana zuwa da 'yar jakar kayan aiki da bindigar auna zafi mai fitar da jan haske, kuma kuɗin aikinsa yana kaiwa jaka 10 zuwa jaka 15 na sefa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba da suna ɗaya yake gabatar da kansa ba, kuma sanin yadda dabarar take ya fi sanin suna amfani, tun da gobe wani ma yana iya ɗaukarta.

Abin da yake yi bai wuce minti 30 ba. Yana zare makunnin tanderun, wato abin da ake murɗawa, ya ɗan taɓa bayansa da sukuddireba don a ga ana aiki, sannan ya manna wata zagayayyiyar takarda mai lambobi daga 100 zuwa 250 a kewayen makunnin. Daga nan sai ya kunna wuta, ya kai makunnin kan 180, ya jira kaɗan, ya buɗe ƙofa ya haska bindigarsa ciki, sai ga 180 ko kusa da haka ta fito a fuskar na'urar. Mai gida ta gani da idonta, ta biya.

Ƙaryar tana cikin tanderun kanta. Yawancin murahun gas masu araha da ake sayarwa, masu kai 4 a sama da tanderu a ƙasa, ba su da termosta, wato na'urar da ke jin zafin ciki ta rage wuta da kanta idan ya kai inda ake so. Makunnin irin wannan tanderu tamkar kan famfo yake: yawan gas ɗin da ke fita kawai yake ƙarawa ko ya rage, bai san komai game da zafin da ke ciki ba. Idan aka bar shi a wuri ɗaya, zafin zai yi ta hawa har sai abin da ke tsiyayewa ta bango da ƙofa ya yi daidai da abin da wutar ke bayarwa, kuma inda zai tsaya ya dogara da abubuwan da takarda ba ta san da su ba. Tanderun da aka kunna da asubar hunturu ba za ta tsaya inda za ta tsaya da azahar ɗin watan Afrilu ba, lokacin da zafin garin nan kansa ke haura digiri 40. Tukunyar gas da ta kusa ƙarewa tana ba da wuta mai rauni, kuma gwangwani 6 na ƙullu mai sanyi suna shanye zafi fiye da gwangwani 1. Saboda haka rubuta 180 a gefen irin wannan makunni ba gyara ba ne, ado ne.

Kowace mace tana iya gane ko tanderunta na da termosta ba tare da ta kira kowa ba. A leƙa ciki, a bangon baya ko kusa da rufin, a nemi wani siririn ƙarfe mai kaurin da bai kai na fensir ba, an maƙale shi a kwance, da siririyar waya ta jan ƙarfe tana fita daga gare shi. Kada a rikita shi da ɗan gajeren ƙarfen da ke tsaye cikin harshen wuta a ƙasa, domin aikin wancan shi ne tsayar da gas idan wuta ta mutu. Hanya ta biyu ta fi sauƙi: a kunna, a sa makunni a tsakiya, a kalli wutar ta ramin ƙasan tanderun bayan minti 15 zuwa 20. Idan akwai termosta mai aiki, harshen wutar zai ragu da kansa ba tare da an taɓa komai ba. Idan yana nan yadda yake tun farko, ko dai babu termosta ko kuma ta mutu, kuma a duka halin biyu manna takarda ba zai canza komai ba.

Ita kuwa bindigar, ba ƙarya take yi ba, amfani da ita ake yi a yi ƙarya. Zafin fuskar abin da aka haska take aunawa, ba zafin iskar da ke gasa gato ba. A cikin tanderu ɗaya, a lokaci ɗaya, farantin ƙasa da ke bisa wuta yana iya wuce digiri 250, bangon gefe ya nuna ƙasa da haka sosai, gilashin ƙofa ya fi su duka sanyi, ƙarfe mai sheƙi kuma ya nuna lambar da ba ta kai ainihin zafinsa ba. Wanda ya saba da na'urar yana iya yawo da jan hasken har ya sami wurin da zai ba shi lambar da yake so, sannan ya juyo da fuskarta a gani. Da mai gida za ta karɓi bindigar ta haska wurare 3 dabam, da ta ga lambobi 3 da suka yi nisa da juna, amma ba ya sakin ta daga hannunsa.

Wata baiwar Allah da ke karɓar aikin gaton suna da na biki ta faɗa hannunsa, kuma abin da ya faru da ita ya nuna yadda ake gane matsalar daga jikin gaton. Kafin zuwansa ta san tanderunta da ido, tana rage wuta ta kai ta kusan ƙarshe bayan tanderun ta yi zafi, kuma gatonta na fita lafiya. Bayan "gyaran" sai ta amince da takardar, ta kwaɓa ƙullunta na kullum, giram 250 na fulawa, 250 na bota, 250 na sukari da ƙwai 5, wanda ke buƙatar minti 45 zuwa 50 a digiri 170 zuwa 180, ta sa makunni a kan 180 ɗinsa. Cikin minti 20 saman ya yi duhu, tsakiyar ta kumbura ta tsage, gindin ya ƙone ya yi ɗaci, amma da ta soka tsinke sai ya fito da ɗanyen ƙullu. Wannan ita ce alamar zafi ya yi yawa: waje ya ƙafe ya yi ɓawo tun ciki bai gama tashi ba, sai cikin ya fasa ɓawon ya fito. Da zafin kaɗan ya yi, da akasin haka za a gani, gato fari, mai nauyi, busasshe saboda daɗewa, wani lokaci tsakiyarsa ta lotsa. Da aka sa ma'auni na gaskiya daga baya, wurin da ya rubuta 180 ya haura digiri 220.

Da ta kira shi, amsarsa ita ce: "Hajiya, aikina ba shi da matsala, kan tukunyar gas ɗinki ne ya lalace, sai an canza shi." Wannan ne kashi na biyu na damfarar, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, domin daga asarar ƙwai da bota an koma wasa da rai. Kan da ya dace da murhun gida mai aiki da butan shi ne mai rage ƙarfin gas zuwa miliba 28 zuwa 30, kuma ana rubuta wannan a jikinsa. Wanda yake kawowa shi ne irin mai murɗawa na manyan murahun suya, wanda ke sakin gas da ƙarfin da murhun gida bai iya ɗauka ba. Alhamdu lillahi ta ƙi, amma wadda ta karɓa ta cire shi yau, kada ta jira gobe.

Maganin tanderun da makunninta ba abin dogara ba ne ba ya buƙatar mai gyara. Ana sayar da ɗan ma'aunin zafi na ƙarfe mai allura, wanda ake ratayawa ko a ajiye cikin tanderu, a shagunan kayan girki, kuma a nemi mai nuna har digiri 300. A ajiye shi a tsakiyar ragar tsakiya, daidai inda gwangwani ke zama, a rufe ƙofa, a bar tanderun ta yi minti 20, sannan a karanta ta gilashi sau 3, minti 10 tsakanin kowace dubawa, ba tare da buɗe ƙofa ba. Inda makunni ya riƙe allura kusa da 175 a ɗiga masa alama da fenti, wannan na gato ne. A sake nemo inda ya riƙe 190 zuwa 200 don burodin gwangwani mai laushi. Burodin Faransa mai ɓawo yana son 230 ko fiye, kuma ƙananan tanderun gida da yawa ba sa riƙe wannan idan an cika su. Alamun nan jagora ne kawai, don haka ma'aunin ya zauna ciki kullum, a sake dubawa duk lokacin da aka canza tukunyar gas ko yanayi ya juya. Hawa da saukar digiri 10 ba abin damuwa ba ne, ko tanderu mai termosta haka take yi.

A lura kuma da irin lambobin da ke jikin ma'auni ko makunni, domin nan ma ana ruɗa mutane. Idan akwai harafin F, to 350 ɗinsa ita ce kusan 177 a ma'aunin C da girke-girkenmu ke amfani da shi. Tanderun da aka yi don kasuwar Faransa mai lamba 1 zuwa 9 ko 10, ana ninka lambar sau 30, wato 6 ita ce 180. A tsarin Ingila kuwa 4 ce 180, 6 kuma 200 ce.

Wadda ba ta sami ma'auni ba tukuna, ko take shakkar wanda ta saya, tana da sukari a ɗakin girki. Farin sukari yana narkewa a wajen digiri 186. A zuba rabin cokali a kan takardar alminiyom, a sa a ragar tsakiya bayan tanderun ta yi zafi sosai, a bar shi minti 15. Idan ya fito garinsa kamar yadda aka zuba, zafin bai kai 186 ba. Idan ya narke ya yi ruwan zuma, an kai ko an ɗan wuce. Idan ya yi baƙi yana hayaƙi, an yi nisa da zafin gato. Wurin da ya dace da gato yana ƙasa kaɗan da inda sukari ke fara narkewa, kuma da wannan gwajin kaɗai za a iya ƙaryata takardar mutumin nan a gabansa kafin a ba shi ko dala. Idan kuma gindin gato ne kawai ke ƙonewa alhali zafin tsakiya daidai ne, a sa faranti mai yashi mai tsabta a ragar ƙasa don ya tare zafin da ke tasowa kai tsaye, amma kada a toshe ramukan da ke ƙasan tanderun, domin ta nan wutar ke shaƙar iska.

Duk wadda mutumin nan ya riga ya taɓa murhunta, ta ɓanɓare takardar, ta adana saƙonninsa da shaidar tura kuɗi idan ta waya ta biya, domin su za a nema idan za ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Kafin ta sake kunna wuta, ta kaɗa sabulu da ruwa ta shafa kumfar a bakin tukunyar gas, da duka bakunan tiyo, da gindin makunnin da ya zare. Idan kumfar ta fara hurowa tana girma, gas na tsiyaya: ta rufe tukunyar, ta buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki, sannan ta kira mai gyaran da 'yan unguwa suka san shagonsa.